Ƙaiƙayin gindin wutsiya a kare da kyanwa: ƙumar da ba ka gani ba ita ce matsalar

A ƙarshen daminar bara Kawu ya kira ni wai in zo in duba mishi Duna, karen da ke gadin gidansa da awakinsa a nan Damagaram. Na iske kare ya lanƙwasa jiki yana ta gatsar bayansa da haƙori kamar mai cin masara, daga ƙugu har gindin wutsiya gashi ya tafi, fatar ta yi ja, wani wuri ta yi ɓawo wani wuri tana ruwa. Ina gani na ce Kawu wannan aikin ƙuma ne. Sai ya ce a'a ɗana, na sa yara sun bincika shi tas, kaska biyu suka ciro a kunne, ƙuma ko ɗaya ba su gani ba, wannan ƙazuwa ce. Wannan maganar ta "ban ga ƙuma ba" ita ce ke sa dabbobi da yawa su shekara cikin wahala ana ta yi musu maganin da ba nasu ba, shi ya sa nake son in warware ta dalla-dalla.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne ba yawan cizon ne ke yin wannan ɓarnar ba. Ƙuma in za ta sha jini sai ta fara zuba yawunta cikin fata, yawun na da sinadarai masu hana jini daskarewa don ta sha a sauƙaƙe. Yawancin karnuka jikinsu bai damu da yawun nan sosai ba, za ka ga kare ƙuma na yawo a cikinsa fal amma sai dai ya ɗan sosa ya kwanta abinsa. Wani kuma jikinsa ya riga ya ɗauki yawun a matsayin abokin gaba, shi ne abin da likitoci ke kira alaji, mu nan da bakin faransanci muna cewa alerji. Irin wannan kare cizo kaɗan ya ishe shi, cikin minti 15 wurin ya kumbura ya fara ƙaiƙayi, wani kuma sai bayan awa 24 zuwa 48 abin ke tashi, kuma ƙaiƙayin kan ɗauki kwanaki, har ya kai kusan sati biyu bayan ƙumar da ta yi cizon ta daɗe da mutuwa. Shi ya sa a gida ɗaya za ka ga karnuka biyu suna kwana wuri ɗaya, ɗaya lafiya lau ɗaya ya ƙwaƙule kansa, sai mai gida ya ce ai da ƙuma ce da duka biyun sun kamu. Duka biyun ana cizonsu, guda ne dai jikinsa ba ya jurewa. Galibi abin na bayyana tsakanin shekara 1 zuwa 5, da wuya ka gan shi a kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, kuma wanda ya kamu ya kamu kenan, ba ya rabuwa da shi, sai dai a raba shi da ƙuma.

To me ya sa ba a ganin ƙumar? Saboda karen da ke shan wannan ƙaiƙayin ya fi kowa farautarta, yini yake yana cizo da lasa, yawancin waɗanda suka hau shi ya haɗiye su. Kyanwa ma ta fi shi, harshenta kamar mataji ne. Sai ya zama dabbar da ta fi kowa ciwo ita ce ta fi kowa ƙarancin ƙuma a jiki.

Abin da na yi a gidan Kawu shi ne na ce a kawo min farar takarda da mataji mai ƙananan haƙora, irin wanda ake cire ƙwarƙwata da shi. Na taje gefen wurin da gashi ya rage, na kakkaɓe a kan takardar, wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suka zubo kamar garin masoro. Na ɗiga musu ruwa. Ba a jima ba kowane ɗigo ya fara sakin launi ja-ja a kewayensa. Da ƙasa ce ko ƙura da ta zauna baƙa yadda take, wannan kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ne ya bushe. Kawu ya daɗe yana kallon takardar nan sannan ya ce to ashe. Daga nan na ce a kamo min kyanwar gidan, wadda kowa ke cewa lafiyarta ƙalau, muna buɗa gashin cikinta sai ga su suna gudu.

Ko da gwajin takarda bai nuna komai ba, wurin da ciwon ya zauna na ba da labari. A kare alerjin ƙuma rabin jiki na baya yake kamawa, gadon baya daga ƙugu, gindin wutsiya, bayan cinyoyi, wani lokaci mara da cikin cinya. In ka tsaya a bayansa za ka ga wurin da gashi ya zube ya yi faɗi a gindin wutsiya yana tsukewa yayin da yake hawa baya. In ka sosa wurin da yatsa sai ka ga kare ya miƙe wuya yana lasar iska ko ƙafarsa na karkarwa. In ya daɗe ba magani fatar ta yi kauri ta yi baƙi ta yi tamoji kamar ta giwa, ta fara wari. Ƙazuwa kuwa, wadda Kawu ya zata, gefen kunne take fara ci da gwiwar ƙafafun gaba da ƙirji da ciki, kuma sau da yawa mutanen gida masu taɓa karen su ma sai ƙuraje masu ƙaiƙayi su feso musu a hannu. Makero kuma da'ira yake yi, ƙaiƙayinsa bai kai haka ba. Akwai kuma karen da ke jan gindi a ƙasa yana cizon ƙarƙashin wutsiya saboda wasu 'yan jakunkuna biyu da ke gefen duburarsa sun toshe, shi wannan gashin gadon bayansa ba ya zuba. Duna kunnuwansa da gwiwoyinsa sumul suke, duk ɓarnar a baya take.

A kyanwa abin ya ɗan bambanta, kuma da hannu ake gane shi fiye da ido. Ka shafa bayanta da wuyanta, za ka ji ƙananan ɓawo birjik ƙarƙashin gashi kamar an watsa mata tsabar gero, har ma sunan da likitoci suka ba wannan alamar daga kalmar gero ya samo asali. Wata kuma ba ƙurji ko ɗaya, sai dai gashin mara da cinyoyi da gindin wutsiya ya yi ta raguwa dama da hagu daidai wa daida, kuma ba za ka taɓa kama ta tana susa ba don a ɓoye take lasar kanta. In ka duba gashin da ya rage za ka ga guntaye ne masu kaifi, karya su aka yi da harshe, ba zubewa suka yi da kansu ba. Wata har leɓenta na sama ya yi gyambo.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗuwa. Ƙumar da ke jikin dabba ita ce ƙaramin kaso, abin da aka saba ƙiyastawa shi ne kashi 5 cikin 100, sauran 95 ɗin ƙwai ne da tsutsa da waɗanda ke naɗe cikin kwanso, kuma duk a ƙasan gidanka suke. Macen ƙuma in ta sha jini, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ta fara ƙwai, tana iya yin 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan fari ne sulɓi gare shi, ba ya manne wa gashi, duk inda dabba ta kwanta ko ta girgiza jiki nan yake zuba. Ka ɗauka kyanwar Kawu ƙuma mata 10 ne kawai a jikinta, ƙwai 400 kenan a rana, 2,800 a sati, tana rarraba su ɗaki-ɗaki. Cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, 'yar siririya fara mai gudun haske, ta shige cikin yashi ko ƙarƙashin tabarma ko tsagar siminti tana cin wancan kashin ƙumar mai jini da ya zubo tare da ƙwan. Daga nan ta saƙa wa kanta kwanso mai danƙo, ƙura ta lulluɓe shi har ba ka bambance shi da ƙasa. In yanayi ya yi daɗi duk zagayen nan sati 2 zuwa 3 ne. In kuma babu dabba kusa, wadda ke cikin kwanso tana iya zama watanni tana jira, sai ta ji ɗumin jiki ko motsi ko numfashi ta fito ta yi tsalle. Kuma maganin feshi kusan ba ya taɓa ta a cikin kwanson nan.

Mu a nan yanayinmu na taimakon mu ta wani gefe. Tsutsar ƙuma ba ta jure bushewa, in laimar iska ta yi ƙasa da kashi 50 cikin 100 ko zafi ya wuce digiri 35 mutuwa take yi, don haka a tsakar gidan da rana ke duka a watan Afrilu da Mayu ba abin da zai rayu. Amma kare ba ya kwanciya a rana. Inda yake nema shi ne inda tsutsar ma take so, gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, bakin magudanar ruwa, ƙarƙashin rumbu, inuwar garken awaki inda fitsari da ragowar harawa ke riƙe laima. Duna rami ya haƙa wa kansa a bayan randunan ruwa, nan yake yini. Can ƙuma ke laɓewa duk rani, damina na sauka daga Yuli zuwa Satumba sai ta barke. Shi ya sa masu kare da yawa za su ce maka ciwon na zuwa da damina ya tafi da hunturu, sai su ɗauka ya warke da kansa. Kuma kar a manta da awaki, irin ƙumar nan ta kyanwa, wadda ita ce dai ke kan kare ma, tana hawa 'yan awaki da 'yan tumaki, ƙanana in ta yi musu yawa har jininsu ya ƙare.

Ga yadda muka bi da Duna. Da farko muka auna shi, kilo 15, don maganin ƙuma da nauyi yake tafiya ba da ido ba. Abin da muka samu a wurin masu sayar da maganin dabbobi shi ne fifronil na ɗigawa, wanda ke zuwa cikin 'yar roba ana matsawa. Na kare mai kilo 10 zuwa 20 mililita 1.34 ne, na kyanwa mililita 0.5, kuma ba a sa wa ɗan da bai kai sati 8 ba, zomo kuwa sam ba a sa mishi don yana kashe shi. Ana buɗa gashi a tsakanin kafaɗu inda baki ba ya kaiwa, a matse shi a kan fata, ba a kan gashi ba, ba kuma a kan gyambo ba. Ba wanka kwana 2 kafin a sa da kwana 2 bayan an sa, saboda maganin ta maiƙon fata yake bi ya yaɗu, in ka wanke kare da omo da safe ka ɗiga da yamma ka yi asarar kuɗinka. Sai a maimaita duk wata. Muka sa wa Duna, muka sa wa kyanwa rana ɗaya. Kawu ya so ya hana na kyanwa wai ita ba ta da ciwo, na ce Kawu ku yi haƙuri, ita ce mai raba irin, in aka bar ta kamar ana kwasar ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo.

A ganina ga karen da ke da alerji, ƙwayoyin haɗiya na zamani sun fi, irin su afokzolana da ake ba duk wata da fuluralana mai kai sati 12, don suna kashe ƙuma cikin awoyi kuma wanka ko ruwan sama bai shafe su ba, shi kuwa fifronil yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu, kafin nan ta yi cizo. Sai dai suna da tsada kuma ba kullum ake samunsu a gari ba, kuma karen da ke da farfaɗiya sai likita ya duba kafin a ba shi. In na ɗigawa ne kake iya saye duk wata ba fashi, ya fi ƙwaya mai tsada da za ka ba sau ɗaya ka daina.

Na biyu shi ne kwantar da ƙaiƙayin da ya riga ya tashi, don ko ka kashe ƙuma duka yau fatar na nan tana ci. Likitan dabbobi ya rubuta mishi furedinisolon, rabin miligiram a kowane kilo, wato miligiram 7.5 ga Duna, ƙwaya ɗaya da rabi ta miligiram 5 a rana, na 'yan kwanaki kawai da ba su wuce sati ba. Kwana biyu kare ya samu barci. Amma maganin nan ina jin tsoronsa a hannun mutane, saboda yana aiki kamar sihiri sai mutum ya riƙa komawa farmasi yana saye wata da watanni ya manta da ƙuma, kare ya yi ta shan ruwa da fitsari, garkuwar jikinsa ta yi rauni, kuma in ashe makero ne ko wata ƙazuwar ƙara musu ƙarfi yake yi. Wurin da ke ruwa kuma, wanda ya kai faɗin tafin hannu, muka aske gashin kewayensa don iska ta shiga, ana wankewa sau biyu a rana da betadin da aka sirka da ruwa. Da ya yi zurfi ko yana fitar da mugunya da sai an haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni, shi ma likita ke yanke wannan.

Na uku shi ne ƙasa. Ramin bayan randa muka kwashe yashinsa muka baza a rana muka zuba sabo, tsohon buhun da yake kwanciya a kai muka ƙona. Tabarmi da tsummokaran da kyanwa ke hawa a wanke da ruwan zafi a shanya a rana tsaka duk sati. Shara kullum, har ƙarƙashin gado da lungunan ɗaki, kuma sharar a fitar da ita daga gida ko a ƙona, kar a tara ta a kusurwar tsakar gida don ƙwan na ciki. Garken awaki aka kwashe takinsa aka kai gona.

Akwai abubuwan da nake roƙon mutane don Allah su bari. Baƙin mai na inji da kananzir da ake shafa wa kare, fatar da ta riga ta yage suke ƙonawa kuma dabba ta lashe su shiga cikinta. Piya-piya da maganin feshin gona guba ne, za ka ga kare na dalalar yawu yana rawar jiki, kuma yaran gida ma ba su tsira ba. Allurar ibamektin da ake yi wa awaki tana aiki a kan ƙazuwa amma ba maganin ƙuma ba ce, mutane da yawa sun yi ta sau uku sau huɗu suna mamakin rashin sauƙi. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne sa wa kyanwa maganin kare. Da yawa daga cikin magungunan ƙuma da kaska na kare na ɗauke da farmetirin, kare na jure shi amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, 'yan ɗigo kaɗan sai ta fara karkarwa da fizge-fizge har ta mutu, kai ko goga jiki ta yi da karen da aka sa wa bai bushe ba tana iya kamuwa. In gidanka akwai kyanwa ka sa mai sayarwa ya karanta maka abin da ke cikin maganin. In tsautsayi ya faru a wanke ta nan take da sabulun wanke kwanuka da ruwa mai ɗumi a garzaya da ita wurin likita. Farasitamol ma kisa yake yi wa kyanwa, kar a ba ta don tausayi.

Sati uku da fara magani Kawu ya sake kira na, ransa a ɓace. Wai ɗana maganin nan jabu ne, yau da safe na ga ƙuma da idona a jikin Duna, jikokina ma duk an cije musu idon sawu. Na ce Kawu waɗannan ba tsofaffin ba ne, waɗanda ke cikin kwanso ne tun kafin mu fara suke fitowa, kuma haka za su yi ta fitowa suna hawa Duna da kyanwa suna mutuwa kafin su yi ƙwai mai yawa, har rumbunsu na ƙasa ya ƙare. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake cewa wata 3 a jere mafi ƙaranci. Yadda za ka bambance shi da maganin da ya gaza da gaske shi ne ka taje dabbar duk sati a kan farar takarda, in baƙin ɗigon na raguwa kuma susar na raguwa to kana kan hanya, in kuwa an yi wata biyu ana sawa daidai, kowace dabba a gidan ta samu, amma ba abin da ya canza, to sai a sauya irin magani, a kuma duba ko kyanwoyin unguwa ne ke kwana a gidan suna sabunta irin. In kuma ƙuma ta ɓace gaba ɗaya amma susa na nan, sai a koma wurin likita a nemi wani dalilin, don kare ɗaya na iya haɗa alerjin ƙuma da na abinci ko na ƙurar yanayi.

A wannan zuwan ne ma muka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa manne a gashin gindin wutsiyar kyanwa. Gutsuren tsutsar ciki ce mai faɗi, wadda galibi ke shiga dabba ta hanyar haɗiye ƙuma, don haka in ka gan ta to ka zargi ƙuma ko ba ka ga ƙumar ba. Maganin tsutsa da yawa ba sa kashe ta, sai wanda ke da farazikwantel a ciki, aka ba su duka biyun.

Gyambon Duna ya bushe cikin kwana goma, gashi ya fara tsirowa kamar ƙaiƙayin gero wajen sati na shida, bai rufe bayan ba sai da aka shiga wata na huɗu, kuma har yanzu akwai ɗan wuri a gindin wutsiya da fatar ta zauna baƙa. Bana Kawu bai jira susa ba, tun farkon Yuni kafin ruwa ya zauna ya ɗiga musu su biyun, ya kuma sa aka ɗaga randunan a kan bulo aka daɓe ƙasansu da siminti.